Magogi a kan alfa ko maski: wanne ne ke dawo da abin da aka goge?

"Salam 'yan'uwa. Na cire bangon hoton wani kofi a GIMP, na adana na rufe. Washegari na lura na haɗa da rabin hannun kofin na goge, kuma Ctrl+Z ya ƙi yin komai. Wani ya ce da na sa alfa tun farko da na dawo da shi, wani kuma ya ce maski ne maganin. Mene ne bambancinsu, kuma wanne zan riƙe?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun da suka ba ka shawara suna da gaskiya, sai dai hanyoyin nasu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Shi kuwa Ctrl+Z kada ka ga laifinsa, GIMP ba ya ajiye tarihin gyara a cikin fayil, ko da XCF ne, wato tsarin fayil na GIMP kansa. Kana rufe hoton, tarihin ya tafi.

Mu ɗauki ɗigo guda a hannun kofin nan. A hoto mai bit 8, launinsa lambobi uku ne daga 0 zuwa 255: a ce ja 200, kore 120, shuɗi 80. Hoton JPEG iyakar abin da yake ɗauke da shi ke nan. Idan ka bi ta kan ɗigon da magogi alhali launin baya fari ne, GIMP ba shi da inda zai rubuta cewa "nan a ɓoye yake", don haka sai ya shafe lambobin ya sa 255, 255, 255. Wannan fenti ne aka yi, sunansa kawai goge. In haka aikinka ya kasance, wato wurin da ka goge fari ya koma maimakon ƙananan murabba'ai masu ruwan toka, to hannun kofin ba ya cikin fayil ɗin, sai ka koma ga hoton asali.

Alfa lamba ce ta huɗu da ake ƙara wa kowane ɗigo. 255 na nufin a nuna shi sosai, 0 na nufin kada a nuna shi sam, 128 kuma kusan rabi da rabi da abin da ke ƙasansa. Ana sa ta daga `Layer > Transparency > Add Alpha Channel`. In ka ga umarnin ya dushe ba ya dannuwa, leyar tana da alfa tuni. A GIMP 2.10 akwai wata alama mai sauƙi: leyar da ba ta da alfa sunanta na fitowa da kaurin rubutu a jerin leyoyi.

Hanya ta farko: magogi a kan leya mai alfa

Yanzu in ka goge ɗigon nan, 200, 120, 80 suna nan daram, lamba ta huɗu ce kaɗai ta sauko daga 255 zuwa 0. Haka ma in ka zaɓi wuri ka danna Delete. Don dawo da shi, ɗauki magogi da Shift+E, ka sa alama a `Anti erase` cikin `Tool Options`, ko ka danne Alt yayin da kake jan buroshi. Duk inda ka bi, alfa na hawa, hannun kofin na sake bayyana. Wannan na aiki ko bayan ka rufe ka buɗe, muddin a XCF ka adana. A wasu kwamfutoci masu Linux, tsarin tagogi na kwace Alt ya mayar da shi na jan taga, to sai ka yi amfani da alamar kawai.

Da sauri take, amma raunin hanyar shi ne launin da ke ɓoye ba shi da mai gadi. GIMP na barinsa ne saboda magogi bai taɓa shi ba, wasu umarnin kuwa ba ruwansu da shi. `Image > Flatten Image` na cire alfa ya cike gurbin da launin baya. `Merge Down` na haɗa abin da ido ke gani ne kawai. `Layer > Crop to Content` na datse gefunan da ba a gani, ya tafi da duk abin da ke ƙarƙashinsu. Sauya girman leya, juya ta, ko bi ta kanta da `Gaussian Blur` su ma haɗari ne, domin wajen lissafin sababbin ɗigogi ana auna launin kowane ɗigo da alfarsa, wanda alfarsa 0 ce ba a ba shi nauyi ko kaɗan. Yadda za ka gane an yi ɓarna: ka ja `Anti erase` sai baƙi ƙirin ya fito maimakon kofi.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne `Remove Alpha Channel`. Sunan na sa mutum ya zaci in an cire alfa abin da ta ɓoye zai fito. Akasin haka yake yi, yana zuba launin baya a duk inda ba a gani, ya binne abin da kake nema.

Akwai kuma damuwa ta yau da kullum: ba ka ganin abin da ke ɓoye kafin ka dawo da shi, lalube kake yi. Kana neman hannun kofi sai ka kwaso teburin da ke gefensa, ka sake gogewa, gefen da ka ɓata lokaci kana gyarawa jiya ya lalace.

Hanya ta biyu: maski

Maski shi ma aikin alfa yake yi, sai dai an fitar da lambar ta huɗu daga jikin leyar an mayar da ita hoto mai zaman kansa, baƙi da fari, maƙale a gefen leyar. Danna `Layer > Mask > Add Layer Mask`, ka zaɓi `White (full opacity)`. Wani ɗan hoto fari zai fito kusa da na leyar. Danna D don launuka su koma baƙi da fari, ka ɗauki buroshi. Baƙi na ɓoyewa, fari na dawowa da abu, ruwan toka na sa shi shara-shara. Harafin X na musanya launukan biyu, saboda haka gogewa da dawowa duk da yatsa ɗaya ake yi.

A nan leyar kanta ba a taɓa ta ba, kowane ɗigo alfarsa 255 ce. Shi ya sa in ka rage girman leyar ko ka juya ta, hoton da maskin suna tafiya tare, kowanne cikakke, hannun kofin da ke ɓoye na raguwa tare da sauran kofin ba tare da ya ɓace ba. A GIMP 2.10 kana iya kashe maskin na ɗan lokaci ta danne Ctrl ka danna ɗan hotonsa, ka ga hoton asali gaba ɗaya, ka gane daidai inda hannun ya tsaya, sannan ka kunna. Alt da danna kuma na nuna maka maskin shi kaɗai, a nan ne ake ganin ɗige-ɗigen ruwan toka da buroshi ya tsallake, waɗanda ba sa fitowa sai an ɗora hoton a kan bango mai duhu. In gefen kofin ya yi kaifi kamar an yanka da almakashi, `Gaussian Blur` na ɗigo 1 ko 2 a kan maskin kaɗai ya isa, launin kofin bai san an yi ba.

Kuɗin da za ka biya kaɗan ne. Hoto mai 4000 × 3000 ɗigo miliyan 12 ne, maskinsa a bit 8 kusan megabait 12 ke nan a ƙwaƙwalwar kwamfuta, launukan uku kuma kusan 36.

Kuskuren wannan hanyar guda ne babba: yin fenti a kan leya alhali kana zaton a maski kake. Dubi wanda ke da farin zagaye cikin ƙananan hotunan biyu, shi ne buroshi ke taɓawa. In ka ja baƙi ka ga baƙin layi ya kwanta a kan kofin maimakon wurin ya ɓace, tsaya nan take ka danna Ctrl+Z, domin wannan fenti ne na gaske. Sannan kada ka danna `Apply Layer Mask` sai a kan kwafi, don yana narkar da maskin cikin alfar leyar, ka koma hanya ta farko da duk rauninta. `Flatten Image` da `Merge Down` kuwa ba su bar maski ba shi ma.

Yadda za ka ceto aikin jiya

Idan leyarka tana da alfa lokacin da ka goge, kuma XCF ne, ba sai ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya ba, ana iya mayar da ta farko ta biyu. Buɗe `Add Layer Mask`, ka zaɓi `Transfer layer's alpha channel`. GIMP zai kwashe duk gogewar da ka yi ya zuba a maski, ya mayar da alfar leyar 255 ko'ina. A ido babu abin da zai canza, amma kashe maskin ka gani: teburi, bango, hannun kofi, duk za su fito in suna nan. Sai ka kunna shi, ka ɗauki farin buroshi ƙarami mai ɗan taurin baki, ka zuƙo hoton zuwa 300% ko 400%, ka bi hannun. Inda ka zarce, X, ka share da baƙi.

Kula da zaɓin da ke samansa, `Layer's alpha channel`, don sunayen sun yi kama. Wannan kwafa yake yi ya bar alfar leyar yadda take, sai ɓoyewar ta ninku. Ɗigon gefe da ke rabi a leya kuma rabi a maski zai koma 0.5 × 0.5, wato kashi ɗaya cikin huɗu, gefen kofin ya sirance. Wurin da alfarsa 0 ce kuma ko ka zuba farin duniya a maski ba zai fito ba.

In PNG kawai ya rage maka, da sauran ɗan fata. Wajen fitar da PNG akwai zaɓin `Save color values from transparent pixels`, in yana kunne a lokacin, mai yiwuwa launukan na ciki. Gwada dabarar `Transfer` ɗin a kansa, ko in kana da ImageMagick, manhajar sarrafa hoto ta rubuta umarni, ka rubuta:

```
magick kofi.png -alpha off duba.png
```

Buɗe `duba.png` ka ga abin da ke ƙarƙashi. Wannan kuma gargaɗi ne ta ɗaya gefen: duk wanda ya goge fuska ko lambar takarda da magogi a kan alfa ya tura PNG, wanda ya karɓa na iya tono ta da layin nan guda. Abin da ake so ya ɓace har abada, a rufe shi da launi mai cikakken kauri, a yi `Flatten Image`, sannan a fitar.

Ni dai a ganina magogi da `Anti erase` na gyaran minti biyar ne, wanda za ka gama a zama ɗaya. Duk aikin da zai kwana, ko wanda mai shi zai iya dawowa ya ce a sake, maski za ka sa tun kafin ka taɓa buroshi. Adana XCF ɗin da maskinsa a raye ta `File > Save`, PNG ɗin da za ka tura kuma ka fitar da shi daban ta `File > Export As`. Fara duba fayil ɗin jiya tukuna: murabba'ai ne a bayan kofin ko fari?