Linkin takardar adashi: Google Drive, OneDrive ko Dropbox, wanne ke tambayar "kai waye" kafin ya buɗe?

Ni ne sakataren wata ƙungiyar adashi a Aboabo, nan Kumasi. Mu 46 ne, galibi masu saye da sayarwa a Kejetiya da Asawasi, kowa na zuba sidi 200 duk Juma'a. Lissafinmu yana cikin jadawali guda a intanet: suna, lambar MoMo, abin da mutum ya zuba, da ranar kwasarsa. Mutum uku kawai ya kamata su riƙa buɗe shi, wato ni da ma'aji da Alhaji shugaba.

Bara na yi gaggawa. Ma'aji ya ce takarda ta ƙi buɗuwa a wayarsa, ni kuma ina cikin mota, sai na danna Anyone with the link, wato duk mai linki ya shiga, na jefa linkin a zauren WhatsApp na kwamiti. Ta buɗu, kowa ya huta. Bayan sati biyu wani ya kira wata Hajiya mai sayar da atamfa, ya ambaci cikakken sunanta, ya gaya mata adadin zubinta daidai, ya ce kwasarta ranar Juma'a mai zuwa ce amma an sauya lambar ma'aji, ta tura zubin wannan satin a sabuwar lamba. Ta tura. Da ta same ni a ƙofar masallaci, cewa kawai ta yi: "Malam Sakatare, in ba kai ba, wa ya san ranar kwasata?" Na rasa bakin magana. Ashe wani ɗan kwamiti ya tura linkin ga ɗan'uwansa don ya duba layinsa, daga nan ya yi ta yawo.

Tun daga ranar ma'aunina ɗaya ne. Ban damu da yawan wurin ajiya ba, ban damu da kyan manhaja ba. Tambayata ita ce: in linki ya faɗa hannun wanda ban sani ba, zai buɗu ko ba zai buɗu ba? Kuma sai na biya kuɗi kafin in samu wannan kariyar?

Google Drive na zaɓa, kuma ba zan ɓoye ba. Yana ba da giga 15 kyauta, amma ba wannan ya ja ni ba. Abin da ya ja ni shi ne kusan duk mai wayar Android ya riga ya mallaki adireshin Gmail, ko ya sani ko bai sani ba, domin da shi ake sauke manhaja. Ke nan mutanen da nake son ba wa izini suna da katin shaidarsu a aljihu.

In ka buɗe takardar ka danna Share, za ka ga wuri biyu. Na sama shi ne inda ake rubuta adireshin imel na mutane. Na ƙasa, General access, shi ne ainihin ƙofar gidan, kuma a asusun kyauta zaɓi biyu ne a ciki. Anyone with the link ma'anarsa linkin kansa shi ne makulli: duk wanda ya riƙe shi ya shiga, ko bai da asusun Google. Restricted kuwa kamar maigadi ne da takardar sunaye a hannu. Linkin yana kai mutum bakin ƙofa ne kawai, sai an duba da wane asusu ya zo. In sunansa ba ya ciki, abin da zai gani shi ne You need access. Da na mayar da tamu Restricted, tsohon linkin da ya gama yawo a WhatsApp bai canja ba ko da harafi ɗaya, amma ya daina buɗuwa ga kowa sai mu uku.

Bayan ƙofa sai matsayi. Viewer ya gani kawai, Commenter ya gani ya bar tsokaci, Editor ya gyara ya goge. A kula, in ka rubuta adireshin mutum, Editor ne ya saba fitowa da kansa, sai ka sauke shi da hannunka. Ma'aji na ba shi Editor saboda shi ke shigar da zubi. Alhaji shugaba Viewer ya ishe shi, ya ɗan yi ƙorafi, na ce "Alhaji, ai ku dubawa ce taku, aikin rubutu namu ne na yara", ya yi dariya ya bar zancen.

Akwai wata 'yar alama mai kamar haƙoran keke a saman akwatin Share wadda yawancin mutane ba su taɓa dannawa ba. A cikinta ake hana Editor ƙara wasu mutane ko sauya izini. In ba ka kashe zaɓin da ke ba Editor wannan ikon ba, ma'ajinka yana iya mayar da takardar Anyone with the link da kansa ranar da ya gaji da ƙorafin wani, kai kana barci. A nan ne kuma ake hana masu kallo saukewa da bugawa da kwafa. Wannan yana rage ɓarna, amma ba ya hana mutum ɗaukar hoton allon wayarsa, kuma babu wani kamfani a cikin ukun nan da zai hana.

Tarkon da ya kusa kama ni karo na biyu shi ne folda. Fayil yana gādon izinin foldar da aka saka shi. Muna da foldar hotunan taron shekara da ke buɗe ga duk mai linki, na tashi tura jadawalin ciki don abubuwa su taru wuri ɗaya. Da na yi, da duk gyaran da na yi ya tashi a banza. Haka ɓoye shafi a cikin jadawali ba kulle shi ba ne, wanda ya iya yin kwafi zai iya fito da shi. Shi ya sa na raba biyu: wanda mambobi ke gani yana da suna da ranar kwasa kawai, mai lambobin waya da hotunan Ghana Card yana can daban. Dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin tsare su, ƙungiyar Zango ma ba ta tsira ba.

Yadda za ka gane takardarka a buɗe take: in kana ciki ka ga wasu hotunan dabbobi a sama da suna mai farawa da Anonymous, to wani da ba ka gayyata da suna ba yana kallo a wannan lokacin. Gwaji mafi sauƙi kuma shi ne ka kwafi linkin ka liƙa shi a shafin Incognito na Chrome, wanda ba ya cikin asusunka. In takardar ta bayyana, kowa na iya ganinta. In an nemi ka shiga asusu, ƙofa a rufe take.

Aibin Google Drive ɗaya ne da na yarda da shi: ba ya sa kalmar sirri a kan linki, kuma sa wa izini ranar ƙarewa ba ya cikin asusun kyauta. To OneDrive fa? Giga 5 kyauta, yana da zaɓin mutane takamaimai, yana sa kalmar sirri da ranar ƙarewa in kana biyan Microsoft 365, ya dace da ofishin da ya riga ya zauna a kan Word da Excel. Dropbox giga 2 ne, kalmar sirri da wa'adi sai mai biya, ban ga dalilin da ƙungiyar adashi za ta kashe kuɗin mambobi a kansa ba. Kuma ni wannan kalmar sirrin ba ta burge ni. A zaurenmu, wanda zai tura linki zai tura kalmar a saƙo na biyu, ko ma ya faɗe ta da murya. Makulli biyu ne a zobe ɗaya. Tura fayil kai tsaye ta WhatsApp kuwa ba ya cikin lissafi, abin da ya sauka a wayar wani ya zama nasa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, domin rufe ƙofa ba ya korar ɓarawo, hanya yake sauyawa. Kwana uku bayan na kulle jadawalin, saƙon neman izini ya shigo imel ɗina da sunan ma'ajinmu, har da laƙabinsa. Saura kaɗan in amince, domin da ma shi ne mai yawan cewa ta ƙi buɗuwa. Sai na duba adireshin da ke ƙarƙashin sunan, na ga an ƙara lamba ɗaya a ƙarshe. Kowa na iya buɗe asusu ya sa masa sunan da ya ga dama. Na kira ma'aji, ya ce shi yana Kejetiya yana sauke kaya, bai nemi komai ba. Daga ranar ba na amincewa da neman izini sai na ji muryar mutum. Sau da yawa ma na gaske ba ya bukatar sabon izini: wayarsa tana da Gmail biyu, nasa da wanda yaron shagon gyaran waya ya buɗe masa, kuma da na biyun linkin ke buɗuwa. A shafin You need access akwai wurin sauya asusu, nan maganin yake. Wannan ce matsalar da ta sa na buɗe ƙofa bara, da na tsaya minti biyu na tambaye shi.

Akwai kuma masu aiko da saƙo cewa wane ya raba takarda da kai, ka danna ka gani. Kana dannawa sai shafi mai kama da na Google ya fito yana neman kalmar sirrinka. Ka ɗaga ido ka karanta adireshin da ke sama. Na gaskiya accounts.google.com ne, ba tare da wani ƙari a tsakanin wannan da alamar / ta farko ba. In an rubuta google a farko sannan aka bi shi da wani suna daban kafin alamar, gidan wani ne aka yi wa fenti. Ka tuna kuma wayarka tana cikin asusunka tun asali, to me zai sa takarda ta sake tambayarka kalmar sirri? Kada ma ka dogara da cewa saƙon daga Google ya fito, domin mazambaci na iya raba maka takarda ta gaske ta Drive, ya dasa mugun linki a cikinta. Hanyata ita ce ba na danna komai a imel. Ina buɗe manhajar Drive in shiga Shared, in duba wa ya aiko. Wanda ban sani ba, Block. Wanda ya ba da kalmar sirrinsa a irin wannan shafi, Restricted ba zai cece ku ba, domin ɓarawon zai shigo ne da sunan ma'aji, maigadi ya buɗe masa da fara'a. Saboda haka mu uku duk mun kunna 2-Step Verification, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa da waya, kuma lambar da ke zuwa waya ba a karanta wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake kira. Wanda abin ya riga ya faɗa masa, hukumar tsaron intanet ta Gana tana karɓar rahoto a lamba 292.

Kuɗin Hajiya ni na biya daga aljihuna, sidi 200. Watan jiya muka yi zaɓe aka sauya ma'aji, kuma kafin a tashi daga taron na buɗe Share, na danna kan sunan tsohon na zaɓi Remove access, na sa sabon ya karanto mini adireshinsa harafi harafi daga wayarsa. Tsohon ma'ajin ya leƙo ya ce, "Malam Sakatare, ko shayin bankwana ba ka bari na sha ba?"