Sabar imel ta ko-ta-kwana: ta riƙe mana saƙonni, ta kuma jawo mana shara

Ni nake kula da imel ɗin wani kamfanin dillancin atamfa da shadda da ke da ofis kusa da Kantin Kwari. Sabar tana cikin ofishin, kuma duk wanda ya san Kano ya san abin da hakan ke nufi: a ɗauke wuta, inbata ta gaji, janareto ya ƙi tashi, ko intanet ya yanke ba sallama. Shi ya sa muka kama hayar sabar ko-ta-kwana daga wani kamfani na waje, ana biya da dala duk wata, don ta riƙa karɓar saƙonninmu idan tamu ta kwanta, ta miƙo su idan ta farfaɗo.

Haɗawar ba ta da wuya. Layi ɗaya aka ƙara a DNS, wato kundin da ke nuna wa masu aikowa sabar da za su kai wa saƙonninmu, sai bayanan suka koma haka (na canza sunayen):

```
example.com.  IN MX 10 mail.example.com.
example.com.  IN MX 20 mx2.example.net.
```

Ƙaramar lamba ita ake fara gwadawa. Sabar mai aikowa za ta fara ƙwanƙwasa ta 10, sai idan ba ta amsa ba ta wuce ta 20. A wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi. Na kashe tamu da gangan wani dare, na aiko saƙo daga waje, na gan shi zaune a layi a shafinsu, da na kunna kuwa ya iso ba da jimawa ba.

Sai dai tun kafin wata ya zagayo, ma'aikata suka fara kukan saƙonnin banza: tallan magunguna, rasitan bogi, da masu cewa akwatinka ya cika ka danna nan. Da na buɗe kan saƙonnin na bi layukan `Received:`, mafi yawansu ta mx2, wato sabar ko-ta-kwanan, suka shigo, alhali sabarmu lafiyarta ƙalau a lokacin. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gane matsalar: idan babbar saba tana aiki amma saƙonni na ta kwararowa ta ta biyu, to kusan dukkansu shara ce, domin mai aikowa na gaskiya ba ya tsallake ta farko sai ya same ta a rufe.

Masu watsa sharar da gangan suke yi. Babu abin da ke tilasta musu bin tsarin lambobin nan, manhajojinsu kan zaɓi mai babbar lamba kai tsaye, kamar ɓarawon da ya ga mai gadi a zaure ya zagaya ta ƙofar baya. Sun san sabar ko-ta-kwana galibi ba ta da matatar shara mai ƙarfi kamar babbar, kuma sun san babbar ta yarda da ita. A wajenmu haka abin ya kasance. Sabarmu tana duba adireshin IP na duk wanda ya haɗu da ita a jerin baƙaƙen adireshi irin na Spamhaus, ta kore shi tun a bakin ƙofa. To idan saƙo ya biyo ta mx2, adireshin da take gani na mx2 ne, mai tsabta, sai binciken ya tashi a banza. Dabarar nan ta jinkirta baƙon mai aikowa, a ce masa ya je ya dawo, ita ma ba ta ci, don mx2 saba ce ta gaske, za ta dawo sau nawa ma. Binciken SPF kuwa, mai duba ko an yarje wa adireshi aikawa da sunan wani kamfani, juyewa ya yi: sabarmu tana ganin saƙon abokin ciniki ya fito daga adireshin da ba a yarje masa aikawa da sunan kamfaninsa ba, sai ta zargi na kirki.

Abin da ya fi damuna shi ne mx2 ba ta san su waye ke da akwati a wajenmu ba. Yadda kamfanin ya saita ta tun farko, duk abin da ya ƙare da sunanmu karɓa take yi. Masu sharar suna ƙirƙiro sunaye barkatai, ita ta ce ta karɓa, sannan ta kawo wa tamu, tamu ta amsa mata:

```
550 5.1.1 <sales99@example.com>: Recipient address rejected
```

Da kai tsaye suka zo wajenmu, da nan maganar ta mutu, mai aikowa ne zai kwashi kayansa. Amma tunda mx2 ta riga ta karɓa, nauyi ya hau kanta ta rubuta sanarwar cewa saƙo bai isa ba, ta aika wa adireshin da ke matsayin mai aikowa. Adireshin nan kuwa na sata ne, na wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka za a yi ta jefa wa mutane sanarwa da sunan kamfaninmu a ciki, har sabar ta faɗa jerin baƙaƙen da kanta.

Gyaran yana nan a shafinsu, amma a ɓoye, kuma a kashe yake zuwa, wanda a ganina babban aibi ne ga abin da ake biyan kuɗi. Zaɓi biyu suka bayar. Ko ka ɗora musu jerin adireshin ma'aikata, ko su riƙa tambayar sabarka kafin su karɓi saƙo. Na biyun yana da daɗin ji, sai dai ranar da sabarka ta mutu, wato ranar da kake buƙatarsu, ba wanda za su tambaya, sai abin da suka haddace a baya. Na zaɓi jerin, ga shi kuma da hannu ake sabunta shi: duk sabon ma'aikaci sai na tuna na ƙara shi can, in ba haka ba mx2 ta kori saƙonsa. Mai riƙe tasa sabar ta biyu da manhajar imel ta Postfix, `relay_recipient_maps` ne ke wannan aikin. A ɓangarenmu kuma na sa adireshin mx2 cikin `internal_networks` na SpamAssassin, manhajar da ke tace mana shara, don ya riƙa duba wanda ya miƙa wa mx2 saƙon, ba ita kanta ba. Kada dai a sa ta cikin `mynetworks` na Postfix, wannan sakin ƙofa ne gaba ɗaya. Sharar ta ragu sosai bayan haka, ko da yake ba ta koma yadda take a da ba, don matatarsu ba ta kai tamu tsanani ba kuma ba su ba ni ikon ƙara mata.

Alhaji mai kamfanin ya tambaye ni, "Malam, to da ba mu saye ta ba, saƙon mutane ɓacewa zai yi idan wuta ta tafi?" Na ce masa, "A'a, ranka ya daɗe, jira zai yi." Ƙa'idar imel ta RFC 5321, wadda aka fitar a 2008, ta ce mai aikowa ya ajiye saƙo ya ci gaba da gwadawa, akalla kwana 4 zuwa 5 kafin ya haƙura, kuma Postfix da kwana 5 yake zuwa. Ke nan yankewar wuni ɗaya, ko ta Asabar da Lahadi, galibi sabobin masu aikowa ne ke riƙe maka saƙon kyauta. Abin da kuɗinmu ya sayo shi ne ina ganin layin da idona, saƙonni kuma suna sauka a tare da zarar mun dawo, maimakon jiran kowace saba ta sake gwadawa a lokacin da ta ga dama.

Ga ofishin da sabarsa kan yi kwanaki a kwance, ko mai shirin ƙaura daga wani gini zuwa wani, tana da amfani, muddin an ɗora jerin adireshi tun ranar farko. Mu da matsalarmu ba ta wuce ta sa'o'i ba, na ba Alhaji shawarar kada mu sabunta idan wa'adin ya cika, a cire layin MX 20, kuɗin a ƙara batura.