Jera folda bisa maudu'i ko bisa ranar ɗauka: wanne ke jure gyara bayan watanni?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa editoci. Ina tace shiri mai kashi 8 kan manoman albasa na Goronyo da Wurno, kyamara biyu, za mu yi wata biyar muna ɗauka. Wani ya ce in ware foldoji bisa maudu'i, in sake wa kowane fayil suna. Wani ya ce kada in taɓa sunan komai, in jera da kwanan wata. Wa zan bi, don kada in wahala in masu aikin sun dawo da gyara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kowannensu ya faɗi gaskiya, amma ba wuri ɗaya suke magana a kai ba. Akwai foldar da ke kan faifan ajiya, akwai kuma bin da ke cikin manhajar tacewa. Folda kamar sito take, bin kuwa kantar shago. Kana iya sake jera kanta kullum, amma in ka riƙa jujjuya kayan sito, wata rana sai ka nemi buhu ka rasa. A kan faifai ka bi mai cewa kwanan wata, a cikin bin ka bi mai cewa maudu'i.

Dalili shi ne Premiere Pro da DaVinci Resolve ba sa kwafe bidiyonka su saka cikin fayil ɗin aiki. Adireshinsa kawai suke riƙewa: harafin faifai, sunan folda, sunan fayil. Da zarar ɗaya ya canja, sai ka ga `Media Offline`.

Hanyar farko, wato maudu'i a kan faifai, tana da daɗi a makon farko. Ka buɗe foldar shuka, ta ban-ruwa, ta girbi, ta kasuwa, ta hirarraki, ka raba kilif-kilif a ciki, ko ba ka buɗe manhaja ba ka san inda abu yake. Ga tallar minti ɗaya da aka ɗauka rana guda, ba laifi. A aikin wata biyar kuwa tana karyewa ta wuri uku. Kilif ɗaya yakan shiga maudu'i biyu: manomi yana ban-ruwa yana kuma bayanin farashi, ina za ka sa shi? In ka kwafa gida biyu, ka cinye wuri, kuma ba ka san wanne ke kan layin tacewa ba. Sannan maudu'i yana canjawa, a wata na uku masu aikin su ce a raba girbi da adanawa a rumbu, ka motsa fayiloli, duk kashin da ka riga ka tace ya yanke da tushensa. Na uku ya fi muni: ka wargaza kati. Ba ka da hanyar gwada foldarka da katin asali ka tabbatar komai ya kwafu.

Hanya ta biyu ba ta da ban sha'awa, amma ba ta motsi. Ranar da aka ɗauki abu ba ta canjawa, kyamarar da ta ɗauka ma haka. Ga yadda zan shimfiɗa naka:

```
ALBASA/
  01_Aiki/
  02_Bidiyo/
    20250114_Goronyo/
      A_kati01/
      B_kati01/
    20250121_Wurno/
  03_Sauti/
  04_Rubutu_Hotuna/
  05_Kida/
  06_Fitarwa/
```

Shekara a gaba, sai wata, sai rana, saboda kwamfuta ta jera su daidai da kanta. In ka fara da rana, 14 ga Janairu da 14 ga Maris za su manne, 21 ga Janairu ta koma bayansu. Lambobin 01 zuwa 06 suna hana foldoji canja wuri. A cikin `A_kati01` ka kwafe katin gaba ɗayansa, da ƙananan foldojinsa, kada ka tsinci bidiyon kawai. Kyamarorin Sony masu XAVC S suna ajiye bidiyo a `PRIVATE/M4ROOT/CLIP`, kowane kilif da ɗan fayil ɗin XML a gefensa. Masu AVCHD kuwa suna yanka doguwar ɗauka gida-gida, `00000.MTS`, `00001.MTS`, kuma sauran fayilolin katin ne ke gaya wa manhaja cewa hira ɗaya ce. In ka cire guntayen su kaɗai, za ka iya jin sauti ya ɗan tsinke a mahaɗa.

Ka lura na rubuta `Kida`, ba da ɗ mai lanƙwasa ba. A sunan folda da fayil ka guji ƙ, ɗ, ɓ da alamar 'y, kada kuma ka sa tazara tsakanin kalmomi. Kwamfutarka na iya karanta su lafiya, amma ranar da aikin ya je wata na'ura ko aka fitar da XML, wani lokaci sukan rikiɗe. Sunaye kuma su zama gajeru, don Windows yakan yi gardama in cikakken adireshin fayil ya haura harafi 260.

Raunin wannan hanya ɗaya ne, kuma shi ne ya fi cin editoci: sunaye masu maimaita kansu. Kyamara A ta ba ka `C0012.MP4`, kyamara B ma ta ba ka `C0012.MP4`, in kuma an saita lamba ta koma farko duk sanda aka goge kati, mako mai zuwa ga wani. Bari mu bi abin da ke faruwa. An gama kashi na 4 a Fabrairu. A Yuni aka ce a ƙara jimla ɗaya a hirar shugaban manoman. Ka jona faifan a wata kwamfuta, Windows ya ba shi `F:` maimakon `E:`, komai ya yi ja. Ka buɗe `Link Media`, ka danna `Locate`, ka zaɓi `C0012.MP4` na farko da ya bayyana. Manhaja ta karɓa, jan ya tafi, ka ɗauka an gama. Alhali na Wurno ka jona a gurbin na Goronyo.

Ga yadda za ka gane. Hoton da ke kan layi bai dace da muryar da ke ƙasansa ba, in sautin daga na'urar ɗaukar murya daban yake. In sabon fayil ɗin ya fi na asali gajarta, Premiere zai zana layuka a karkace a kan ɓangaren kilif ɗin da babu hoto. In kuwa ya fi tsawo, babu wata alama, sai dai ka kalla da idonka, shi ya sa wannan kuskuren yakan kai har wurin masu aiki. A tagar `Link Media` akwai layin da ke nuna adireshin da fayil ɗin yake a da. Ka karanta shi kafin ka danna komai. In foldarka na ɗauke da `20250114_Goronyo/A_kati01`, ka san takamaiman inda za ka nufa, kuma in `Relink others automatically` na kunne, sauran za su biyo baya tun da tsarin bai canja ba. A hanyar maudu'i babu wannan tsira, don kilif biyu masu suna ɗaya ba sa zama folda guda, dole ka sake wa ɗaya suna, daga nan alaƙarsa da katin asali ta yanke.

Maganin ya fi sauƙi kafin a ɗauka. A Sony ka sa `File Number` a kan `Series`, a Canon ka sa `File numbering` a kan `Continuous`. Faifan kuma ka ba shi harafi na can ƙasa, kamar `V:`, a `Disk Management` na kowace kwamfutar da za ta taɓa aikin.

To sake wa fayil suna fa, haramun ne? A'a, amma lokacinsa ɗaya ne: bayan kwafe kati, kafin shigar da shi manhaja, kafin a yi kwafin ajiya na biyu. Kuma ƙari za ka yi a gaba, ba gogewa ba: `20250114_A01_C0012.MP4`. Lambar asali tana nan, sunan kuma ba zai sake maimaituwa ba. Wannan ya dace da MP4 da MOV masu zaman kansu, irin na waya da na jirgin ɗaukar hoto. Katin AVCHD kada ka taɓa. Sunan bayani irin "hira mai kyau" ba shi da gurbi a kan faifai.

Gurbinsa cikin bin ne, nan shawarar mutumin farko take aiki. In ka sake wa kilif suna a `Project` na Premiere ko `Media Pool` na Resolve, fayil ɗin da ke faifai bai san an yi ba. Ka yi bin iri biyu. Na farko ya kwaikwayi faifai, rana-rana, kati-kati, ba a tacewa a cikinsa. Na biyu na zaɓaɓɓu ne: shuka, ban-ruwa, girbi, kasuwa, hirarraki. Doguwar hira ta minti 40 ka yanka ta da `Make Subclip`, kowace amsa da sunanta, kamar `Goronyo_manomi2_farashi`. Wuri a gaba, sai mutum, sai batu, kullum a haka. A Resolve ka cika `Keywords` ka bar `Smart Bin` ya tattaro duk mai kalmar girbi da kansa, a Premiere `Search Bin` ke wannan aikin. Kilif ɗaya zai iya fitowa wuri uku, bai ci ko megabait ɗaya a faifai ba. In aka ce a raba girbi da adanawa, aikin minti goma ne, ba abin da zai yanke.

Saura sunan layin tacewa, wanda nan ne gyara ke rikicewa ko da foldoji sun tsaru. Kada ka yi gyara a kan wanda ka riga ka tura. Ka danna `Duplicate`, ka ƙara lamba: `K04_v03_20250612`. Tsohon ka jefa shi bin ɗin tsofaffi, a bar guda ɗaya tak a bin ɗin kashi na 4. Bidiyon da ka fitar zuwa `06_Fitarwa` ya ɗauki wannan sunan harafi da harafi. In mai aiki ya bugo waya ya ce "a minti na 12 a mayar da yadda yake a da", sai ka tambaye shi sunan fayil ɗin da ke hannunsa, ka buɗe mai irin sunan. Ka rubuta `v03`, ba `v3` ba, in ba haka ba `v10` zai iya hayewa gaban `v2` a jeri. Kalmar "na ƙarshe" kuwa ka cire ta daga sunayenka, don a shiri mai kashi 8 da wuya a ƙi dawo da shi.

Abin da ke shigowa daga baya shi ya fi ɓacewa: tambarin da aka turo ta WhatsApp, muryar mai sharhi, kiɗan da aka sauko da shi. Kada ka ja su cikin aiki kai tsaye daga `Downloads` ko `Desktop`. Su fara shiga `04_Rubutu_Hotuna`, `03_Sauti` ko `05_Kida` tukuna. Gwajin da zai nuna maka ko akwai wanda ya zille: ka kai faifan wata kwamfuta ka buɗe aikin. Duk abin da ya ƙi jonuwa bayan ka nuna masa foldar `ALBASA`, a wajenta yake zaune, sai ka koma ka ɗauko shi tun kwamfutar farko na hannunka.

Da zafin Sakkwato da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta, foldar `ALBASA` ta zauna a faifai biyu, da tsari iri ɗaya sak, kuma kada a goge kati sai an gwada yawan fayiloli da girmansu a duka biyun. Fayil ɗin aikin Premiere yana `01_Aiki`, zai bi kwafin. Na Resolve kuwa a rumbun bayanan manhajar yake zaune, don haka duk ƙarshen mako ka yi `Export Project`, ka ajiye `.drp` ɗin a `01_Aiki` da kwanan wata a sunansa.