Hoton iyali kan abinci don gaisuwar azumi da Sallah: wanne ne ya kamata kanti ya saya?

Mai babban kanti da ke son gaida abokan cinikinsa da azumi da Sallah yana da hanyoyi huɗu na samun hoto: ya sayi wanda aka riga aka ɗauka daga rumbunan hotuna na intanet, ya ɗauko mai hoto a shirya masa nasa, ya ba mai zane ya zana, ko a ɗauki abinci da hannaye kawai ba tare da fuska ba. Kafin a zo kan kuɗi, a fara sanin cewa hoto ɗaya ba zai yi aikin lokuta uku ba. Buɗa-baki na almuru ne, mutane na zaune suna jiran kiran sallar magariba, ba wanda ya kai loma baki. Ƙaramar Sallah ta hantsi ce, da sabon ɗinki da ƙunshi a hannun mata. Babbar Sallah kuwa nama ne ke magana. Wanda ya manna "Barka da shan ruwa" a kan hoton mutane suna cin tuwo da rana tsaka ya nuna bai san abin da yake gaisuwa a kai ba, kuma masu kallo za su gane nan take.

Hoton rumbu, irin na Shutterstock ko Adobe Stock ko Getty Images, shi ne mafi sauri, kuma galibi mafi araha. Matsalarsa ita ce yawancin abin da ke fitowa idan aka nemi hoton Ramadan na wasu ƙasashe ne. Za ka ga fitilar fanus ta Masar, ko ƙullin shinkafa cikin ganyen kwakwa na Malesiya da Indonesiya, ko iyalin Larabawa a kan dogon tebur. Duk Musulmi ne, amma uwargidan da ta zo sayen gero da sukari a Kano ko Zariya ba za ta ga gidanta a ciki ba. A Najeriya akwai kuma batun doka: hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, ta hana amfani da 'yan ƙasar waje a tallan da ake nufin 'yan Najeriya da shi tun daga 1 ga Oktoba, 2022. Sai a duba lasisi da kyau. Duk hoton da aka rubuta wa "Editorial use only" na labarai ne, ba a talla da shi. Lasisin gama-gari yakan iyakance yawan kwafin da za a buga, kuma bai hana kantin da ke tsallaken titi sayen hoton nan da ka saya ba. A ganinmu hoton rumbu ya dace ne da bango da ado kawai, kamar jinjirin wata ko kwanon dabino, ba da fuskokin iyali ba.

Zane yana kawar da wasu matsaloli gaba ɗaya. Babu takardar izinin mutum, babu wanda za a ce ɗiyar wane ce aka liƙa a bakin titi, kuma ana iya canza kalar riga ko ƙara kaka a gefe ba tare da an sake tara mutane ba. Rauninsa a abinci yake: ƙosan da aka zana ba ya sa yawu tsinkewa, kuma kanti abinci yake sayarwa. Idan za a bi wannan hanya, a nemi mai zanen ya nuna ayyukansa na baya masu ɗauke da Hausawa, a duba yadda yake zana hula da ɗaurin ɗankwali. A kuma rubuta a yarjejeniya cewa zai miƙa ainihin fayil ɗin da ake iya faɗaɗawa, ba ƙaramin hoton da zai turo ta WhatsApp ba.

Hanyar hannaye da abinci ta fi yadda ake zato ƙarfi. A ɗora kyamara daga sama, a shimfiɗa tabarma ko ledar cin abinci, a jera kwanuka, sai hannaye huɗu ko biyar su shigo: na dattijo da carbi a wuyan hannu, na mace da lalle, ƙaramin hannun yaro yana miƙa dabino. Iyalin ya fito sarai, ba a nuna jikin kowa ba, kuma kuɗin ya ragu tun da babu kwalliyar fuska. Kantin da ke unguwar da ake ƙyamar hoton mace a allon talla, wannan ce hanyarsa.

Wanda ke da hali kuwa, ɗaukar hoton kansa shi ne ya fi, da sharaɗin a yi shi cikin Sha'aban, a fitar da lokutan uku a yini ɗaya. Dalilin Sha'aban a fili yake. Cikin azumi waɗanda za a ɗauka suna fama da ƙishi, fuska ta faɗa, ba a iya ɗanɗana komai, maɗaba'o'i kuma sun cika da aiki.

Mu ɗauki kanti matsakaici mai reshe ɗaya, wanda ke son allon ƙofa, da takardun rabawa, da hotunan shafukan sada zumunta. Mutum biyar sun isa: uba, uwa, yara biyu, da kaka. Iyali na gaske sun fi waɗanda aka haɗa, domin zaman miji kusa da matarsa ba ya tayar da tambaya, kuma yaro ya fi sakin jiki da mahaifiyarsa. Kowane babba ya sa hannu a takardar izini da ta faɗi inda za a sa hoton da tsawon lokacin, iyaye su sa wa yara. Da safe a ɗauki na Sallah da hasken taga: shadda da aka goge, hula, mayafin da ya rufe wuya da ƙirji, tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, kaji, da farantin cincin da alkaki. A sauya kaya a ɗauki na Babbar Sallah da soyayyen nama da dambun nama. Kada a nuna yanka ko jini. Ba kowa ke son ganinsa a wayarsa ba. Na buɗa-baki a bar shi sai yamma, ko a rufe tagogi a kunna fitila. A nan abincin dabino ne da ruwa, kunun gyaɗa ko na tsamiya, ƙosai, kankana da lemo. Hannaye ko dai a ɗage ana addu'a, ko ana miƙa wa wani kofi, kwanuka kuma cike ba a taɓa ba.

Abinci na da nasa halin a gaban kyamara. Ƙosai yana yin laushi ya dushe cikin 'yan mintoci, don haka mai suya ta zauna kusa tana fitar da shi kaɗan-kaɗan. Kunu yana yin yanar sama idan ya huce, sai a juya shi dab da ɗauka. Kankana a yanka ta a ƙarshe. Kayan kanti kada su wuce biyu ko uku a cikin hoto, a ajiye su inda ake ajiye su a gida, kamar gwangwanin madara kusa da kunu. Idan aka jera kwalaye goma a gaban iyali, gaisuwar ta koma takardar farashi.

Ɗumin da ake nema a hoto daga haske yake zuwa, kuma nan ake yawan ɓata aiki. Fitila mai ɗumi tana wajen 3200 a ma'aunin launin haske na Kelvin, hasken rana kuwa wajen 5500. Idan aka haɗa su biyu a ɗaki ɗaya ba tare da lura ba, gefen fuska ɗaya zai yi ruwan ɗorawa, ɗayan ya yi shuɗi. Idan kuma aka cika ɗumin, farar shadda ta koma kamar wadda ta sha jiki, nono ya yi kama da wanda ya lalace. Hanyar gane mai hoton da ya san aikinsa ita ce a nemi ya nuna hoton baƙar fata sanye da fararen kaya. In fuskar ta fito da sheƙinta kuma ana ganin aikin wuyan rigar, ya iya. In ya haskaka fatar har ta sauya launi, a nemi wani.

Akwai kurakuran da ba su da alaƙa da kyamara, kuma su ne ke jawo surutu. Babbansu shi ne juya hoto. Mai tsara talla yana son fili a dama don rubutu, sai ya juya hoton kamar madubi, nan take duk iyalin sun koma ci da hagu, rubutun jikin kwali ya juye. A hana wannan a rubuce, a kuma ce wa mai hoto ya ɗauki kowane zama sau biyu, ɗaya da fili a dama, ɗaya da fili a sama. Zoɓo a cikin kofin gilashi mai doguwar ƙafa yana kama da giya, a zuba shi a jug da kofuna na gida. Takalmi kada ya hau shimfiɗa, tafin ƙafa kada ya fuskanci abinci. Ayar Alƙur'ani kada ta hau takardar rabawa ko ledar kanti, domin ƙarshensu ƙasa ne ko ƙunshin gyaɗa.

Rubutun ma a duba shi. "Barka da shan ruwa", "Barka da Sallah", "Allah Ya maimaita mana" sun wadatar, kuma sun fi kusa da zuciya fiye da doguwar jimla. Yawancin salon haruffa na ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai "Allah Ya karɓi ibadunmu" ya fito da akwati a tsakiyar kalma, ko harafin ya bambanta da 'yan uwansa. Larabci kuwa wasu manhajoji kan rarraba haruffansa su jera su daga hagu. A ba wanda ya iya karatu ya duba kafin a buga. Kada a buga ranar Sallah a jikin komai. Wata na iya yin 29 ko 30, kuma a Najeriya sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganinsa. Rashin kwanan wata yana sa hoton ya yi aiki baɗi ma, in dai izinin da aka karɓa ya kai can.

Wajen karɓar aiki, a faɗi girman da ake so tun farko. Instagram na son fiksel 1080 da 1350, matsayin WhatsApp 1080 da 1920, a bar sama da ƙasa babu rubutu saboda maɓallan manhajar. Takardar A5 tana buƙatar kimanin fiksel 1748 da 2480, da rarar milimita 3 a kowane gefe don yanka. Allon tsaye na ƙofa yawanci santimita 85 ne da 200, dogo siriri, wanda hoton iyali a kwance ba zai shiga ba sai an datse kaka ko yaro. Shi ya sa ake ɗaukar na tsaye daban. Tsarin launin da ake gani a allon waya RGB ne, maɗaba'a kuwa da CMYK take aiki, kuma hoton almuru yakan ƙara duhu a takarda. A biya kuɗin gwaji guda a duba shi da rana a ƙofar kantin kafin a ce a buga dubu.

Idan mai hoto ya kawo farashi, a ce ya rarraba shi: ɗauka, gyara, kuɗin mutanen da za a ɗauka, abinci da kaya, sannan haƙƙin amfani. Na ƙarshen ne ake mantawa. A rubuta cewa kanti na da ikon amfani da hotunan a intanet da bugu da allo, na shekara nawa, da kuma cewa ba za a sayar wa wani kanti su ba. Tsakanin Sallar farko da ta biyu wata biyu ne da kusan kwana goma, don haka yarjejeniyar da ta ce "na Ramadan" kawai za ta ƙare kafin a fito da hoton naman.