Sharhi: koren zoben Instagram da sirrin jerin aminai

Tun ƙarshen Nuwamban 2018 Instagram ya fito da Close Friends, wato jerin aminai da mutum zai ware don su kaɗai su ga wasu sitorinsa, hotuna ko bidiyon nan da ke ɓacewa bayan awa 24. Bayan amfani da shi, hukuncina shi ne yana riƙe sirrin sunaye yadda ya kamata, amma mutane na ɗora masa amanar da ta fi ƙarfinsa.

Haɗa jerin ba wuya. Ka shiga shafinka, ka taɓa layuka ukun nan na sama ta dama, ka zaɓi Close Friends, ka yi wa sunayen da kake so alama, sannan ka danna Done. Idan ka zo ɗora sitori, maimakon Your story sai ka taɓa koren tauraron da ke kusa da shi. A nan aka fi yin kuskure, domin maɓallan biyu maƙwabta ne. Idan yatsa ya zame, kowa zai gani, kuma gyaran shi ne ka goge ka sake ɗorawa. Da zarar ka ɗora, duba zagayayyen hoton da ke saman shafinka: koren zobe na nufin aminai ne kawai ke gani.

A ɗauki misalin mai sayar da atamfa da ke da mabiya 800, mafi yawansu masu sayayya, tana son nuna hotunan kamun ƙanwarta ga mutum 25. Waɗannan 25 za su ga koren zobe a hotonta, da koriyar alama a saman sitorin. Sauran 775 ba za su ga komai ba, ko alamar cewa an ɓoye musu wani abu babu. Kowace a cikin 25 ɗin ta san tana ciki, amma ba ta san sauran 24 ba, ba ta ma san adadinsu ba.

Dalilin yana cikin yadda aka gina abin. Jerin yana ajiye ne a kwamfutocin kamfanin, ɗaure da asusun mai shi. Duk wanda ya buɗe manhajar, tambaya ɗaya ake yi a kansa: yana cikin jerin ko ba ya ciki? Idan yana ciki, a aiko masa da sitorin. Idan ba ya ciki, ba a aiko shi wayarsa ba sam. Sunayen kuwa ba a tura wa kowa su. Haka nan an toshe wasu ƙananan kafofin da sirri kan bi ya fita: sunayen waɗanda suka kalla mai sitorin kaɗai ke gani, amsar da aka turo kuma akwatin saƙonsa take faɗawa. Ba a sanar da mutum ranar da aka saka shi ko aka cire shi, kuma babu maɓallin roƙon shiga. Wannan na ƙarshe ya fi komai burge ni, don ya raba mutane da jin nauyin cewa a'a. Tunda ba a tura wa kowa sunayen, duk manhajar da ta ce za ta nuna maka jerin wani idan ka ba ta kalmar sirrinka, asusunka take nema.

Abin kuma ba ba-ni-in-ba-ka ba ne. Saka mutum da ka yi bai sa ka shiga nasa ba.

Inda yake yoyo shi ne wajen mutane. Instagram ba ya sanar da kai idan an ɗauki hoton allon sitorinka, don haka mutum ɗaya cikin 25 ya isa ya kai hoton kamun nan zauren WhatsApp na dangi. Wanda aka cire ma yakan gane, idan koren zoben da ya saba gani ya ɗauke, sai kuma ya hango shi a wayar wanda ke zaune kusa da shi. Sannan izinin yana bin jerin yadda yake a yanzu: sitori yana kai awa 24, wanda ka ƙara da yamma zai ga abin da ka ɗora da safe.

Babban tarko ya zo a Nuwamban 2023, lokacin da aka faɗaɗa jerin zuwa hotunan shafi da gajerun bidiyon Reels. A can, duk wanda ya danna alamar so ko ya yi tsokaci, sauran aminai suna ganin sunansa. Wanda ke son sunayen su zauna a rufe, ya tsaya a sitori, ya kashe tsokaci a kansa, don tun 2024 sauran masu kallo na ganin tsokacin sitori, kuma kafin ya ƙara sabon suna ya fara duba ko akwai sitorinsa da bai ƙare ba.