Faifai da sauran wuri amma ya ƙi karɓar fayil: cikar bulo ko ƙarewar ainod?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Sabar da muka ɗora shafin shagonmu tun safe take cewa `No space left on device`, alhali faifan giga 20 ne, kuma `df -h` na nuna ko rabi ba a ci ba. Na goge wani bidiyo mai giga 3, ta yi aiki na ɗan lokaci ta sake tsayawa. Mene ne matsalar?"

Wa'alaikumus salam Malam. Zancen bidiyon nan da ka goge shi ya sa nake kyautata zaton ainod ɗinka ne suka ƙare. Linux na fitar da wannan saƙon iri ɗaya sak a kan cuta biyu mabambanta, shi ya sa mutane ke shan wahala, suna ba wa ɗaya maganin ɗaya.

Ka ɗauki sito a Kantin Kwari. Mai sito yana da fili, yana kuma da kati mai lamba da yake ɗaura wa kowane kaya da aka kawo ajiya. Dilar atamfa da sai mutum biyu sun kama, kati ɗaya take ci. Ƙullin zare da bai fi tafin hannu ba, shi ma kati ɗaya. Idan 'yan diloli suka yi yawa, fili ne zai fara ƙarewa, kati na nan jibge a aljihu. Idan kuwa masu ƙananan ƙulli ne suka yi ta zuwa, katin zai ƙare tas, sito na nan wayam, kuma mai sito ba zai karɓi ko allura ba, don ba shi da lambar da zai rubuta ta a kai.

Filin nan shi ne bulo. A tsarin ext4, wanda shi ne Ubuntu da Debian suke sawa idan ba ka zaɓi wani ba, ana yanka faifai ƙananan gidaje, yawanci kowanne bait 4096, a cikinsu abin da ke cikin fayil yake zama. Katin kuma shi ne ainod, wato abin da za ka ga an rubuta `Inodes` a allo. Ɗan bayani ne mai bait 256 wanda ke riƙe da mamallakin fayil, izinin wa zai karanta wa zai rubuta, girmansa, lokutan da aka taɓa shi, da adireshin bulolin da kayansa suke. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne sunan fayil ba ya cikin ainod. Suna a folda yake, domin folda ba komai ba ce illa jerin sunaye, kowanne da lambar ainod a gabansa. Ka buga `ls -i` a kowace folda za ka ga lambobin. Kowane fayil yana cin ainod guda, ko da babu komai a cikinsa, kowace folda ma haka.

To ga inda gizo ke saƙa. A ext4, ranar da aka yi wa faifai fomatin ake buga katunan gaba ɗaya. Idan an bar tsarin asali, ainod ɗaya ake warewa ga kowane bait 16384. Faifai mai giga 20 ke nan zai samu kusan 1,310,720. Lissafin ya ginu ne a kan zaton cewa fayilolinka, idan aka haɗa manya da ƙanana, ba za su gaza kilobait 16 kowanne ba. A kwamfutar gida mai hotuna da bidiyo zaton nan daidai ne, har ka sayar da ita ba za ka ci kashi goma na ainod ba. A sabar da ke zubar da ƙananan fayiloli dare da rana, zaton ya rushe.

Na gamu da wannan a sabar wata makaranta mai zaman kanta a nan Kano, ana tsaka da shigar da sakamakon jarrabawa. Ita ma giga 20 ce. Ga abin da umarnin biyu suka nuna, ka dube su kafaɗa da kafaɗa:

```
$ df -h /
Filesystem  Size  Used Avail Use% Mounted on
/dev/vda1    20G  9.1G  9.5G  49% /

$ df -i /
Filesystem   Inodes   IUsed IFree IUse% Mounted on
/dev/vda1   1310720 1310720     0  100% /
```

Na farko bulo yake ƙirgawa, na biyu ainod. Faifai ɗaya, minti ɗaya, wancan ya ce kashi 49, wannan ya ce kashi 100, kuma babu mai ƙarya a cikinsu. Da cikar bulo ce, akasin haka za ka gani: `Use%` ya kai 100, `IUse%` yana can ƙasa.

Ko ba ka duba lambobin ba, halin cutar biyun ya bambanta. Idan bulo ne ya cika, fayil ɗin da yake nan tun da ba zai iya ƙara girma ba, ma'ajiyar bayanai za ta tsaya, amma sau da yawa `touch gwaji` zai yi aiki, tunda fayil marar komai ba ya buƙatar bulo. Idan ainod ne ya ƙare, lamarin ya juye: tsofaffin fayiloli suna ta kumbura lafiya ƙalau, rajistar saba na ci gaba da rubutu, amma `touch gwaji` da `mkdir` za su ƙi. Shi ya sa alamun suke zuwa a hargitse. A makarantar nan shafi yana buɗewa, ana ganin sunayen ɗalibai, amma malamai sun kasa shiga da kalmar sirrinsu, saboda shiga yana buƙatar a ƙirƙiri sabon fayil na zama, wato ɗan fayil da saba ke tuna wanda ya shiga da shi. Har `sed -i` ya ƙi, domin ba a kan fayil ɗin yake gyara kai tsaye ba, sabo yake yi sannan ya maye gurbin tsohon da shi.

Yanzu ka ga abin da ya faru da bidiyonka. Ka mayar wa faifai giga 3 na bulo da ba ya nema, ka mayar masa ainod guda ɗaya tak. Fayil na gaba da aka ƙirƙira ya cinye shi, aka koma gidan jiya. A cikar bulo, babban fayil guda ake farauta. A ƙarewar ainod, girma ba ya cikin lissafi, yawa ake nema, kuma ga yadda ake gano inda suka taru:

```
sudo du --inodes -x -d 4 / | sort -n | tail -n 12
```

`-x` yana hana shi tsallakawa zuwa wasu faifan, `-d 4` kuma yana tsayar da rahoton a zurfin folda huɗu. Ka yi haƙuri da shi, yana iya ɗaukar mintuna. A wurinmu folda guda, `/var/www/makaranta/sessions`, ita ke riƙe da fayil wajen 1,150,000, duk sunayensu sun fara da `sess_`. Kowanne bai wuce 'yan ɗaruruwan bait ba, sai dai ko ɗan mitsitsi ne bulo guda yake kamawa, don haka duka-duka sun ci wajen giga huɗu da rabi. Kusan kashi 88 na katunan sito ke nan, a kan ƙasa da rubu'in fili.

Dalilin taruwarsu ya fi ba ni haushi fiye da matsalar kanta. A Debian da Ubuntu, PHP, harshen da aka rubuta manhajar makarantar da shi, ba ya share tsofaffin fayilolin zama da kansa, don an saita `session.gc_probability` a kan 0. An bar aikin ga wani ɗan shiri da ke tashi lokaci-lokaci yana share foldar da aka rubuta a `php.ini`, wato `/var/lib/php/sessions` a bisa al'ada. Wanda ya rubuta manhajar makarantar ya karkatar da fayilolin zuwa tasa foldar daga cikin manhajar, mai shara kuwa bai san da ita ba. Ga shi duk wanda ya leƙo shafin, har da injinan da ke yawon tattara shafuka, sai an buɗe masa fayil. Ƙasa da dubu huɗu a rana, cikin wata goma suka kai inda suka kai. Taka ba lallai ta zama PHP ba. Saƙonnin imel da suka maƙale a layi, ƙananan hotunan da manhaja ke yankawa ta ajiye, da foldojin `node_modules` da aka yi ta kwafa, duk suna yin wannan aika-aika.

Wajen sharewa kada ka fara da `rm *`, zai ce maka `Argument list too long`, saboda sunayen sun yi wa layin umarni yawa. Wannan ne ke aiki:

```
sudo find /var/www/makaranta/sessions -type f -name 'sess_*' -mmin +1440 -delete
```

Yana goge waɗanda aka fi awa 24 ba a rubuta a cikinsu ba, don kada ka kori wanda ke tsakiyar aiki. Ka fara gudanar da shi da `| head` a madadin `-delete`, ka ga da idonka abin da zai tafi, don abin da ya tafi ba ya dawowa. Bayan ya gama, `IUse%` namu ya sauko zuwa kashi 13. Sai na sa wannan layin a `cron`, mai tayar da ayyuka a kan lokaci, ya riƙa tashi kullum da asuba, in ba haka ba baɗi war haka sai an sake kirana.

Idan kuma ka duba ka tarar fayilolin duk na amfani ne, ba shara ba, to nan sai an taɓa faifan kansa. Ba a ƙara wa ext4 ainod a kan girman da yake, babu umarnin da ke yin haka. Amma idan ka sayi ƙarin wuri ka faɗaɗa shi da `resize2fs`, sabon yankin yana zuwa da nasa ainod a kan lissafin farko, giga 40 ya ba ka ninki biyu. Kuɗi ne dai kake biya kowane wata a kan filin da ba ka buƙata. Ko kuma ka kwashe kayanka ka sake fomatin da `mkfs.ext4 -i 4096`, ka samu ninki huɗu. Farashinsa shi ne teburin ainod zai ci wajen kashi 6 cikin ɗari na faifan maimakon ɗaya da rabi, kuma fomatin yana shafe komai, sai da kwafin ajiya a hannu.

XFS, wani tsarin faifai ne daban da ext4 wanda Red Hat ta mayar tsarinta na asali tun fitowar RHEL 7 a 2014, ba ya buga katunansa tun farko, yana yankar ainod daga fili ne a lokacin da ake buƙata, har zuwa wata iyaka, kashi 25 na faifan da bai kai tera ɗaya ba. Ni dai idan zan ware faifai na musamman don miliyoyin ƙananan fayiloli, shi nake zaɓa. Amma ba zan ce ka rushe sabar shago mai aiki don wannan ba, tunda mai yiwuwa folda guda ce ke damunka.

Abu ɗaya ka kiyaye wajen dubawa: ka ba `df -i` ainihin foldar da ake samun kuskuren, misali `df -i /var/www`, domin wasu sabobin suna raba `/var` ko `/tmp` a wani yanki daban, sai ka ga `/` lafiya lau alhali maƙwabcinsa ne ya cika. Ka turo mana abin da ya fito tare da layukan ƙarshe na `du`, mu ga wace folda ce kafin ka goge komai.