Google Contacts da jerin lambobin Excel: yana aiki, amma sai ka gyara teburin tukuna

Ni ke riƙe da takardun iyayen yara a wata Islamiyya, kuma jerin lambobinsu, sama da ɗari shida, yana cikin teburin Excel. Da aka ce a zuba su a wayar shugaban makaranta da ta malamai biyu, hanyar da na bi ita ce ta Google Contacts. Hukuncina a kansa gajere ne: kyauta ne, ba ya daɗewa, kuma fayil ɗin da yake fitarwa ya buɗe a Tecno da iPhone ba gardama. Sai dai ba ya duba abin da ka ba shi. Ka ba shi lambar da ta lalace, hannu bibbiyu zai karɓa ya kai maka ita waya a lalacenta. Saboda haka kusan duk aikin a Excel yake, kafin ma a buɗe burauza.

Abin da ake nema shi ne fayil mai ƙarewa da `.vcf`, wanda ake kira vCard. Manhajar lambobi ta waya shi ta sani, ba ta karanta teburin Excel. Google Contacts kuwa, in an buɗe shi a kwamfuta ta `contacts.google.com`, yana karɓar CSV, wato tebur da aka mayar rubutu zalla ana raba gidajensa da waƙafi, sannan yana iya fitar da vCard. Ke nan tafiyar zango uku ce: daga Excel zuwa CSV, daga CSV zuwa Google, daga Google zuwa vCard.

Matsala ta farko sifilin gaba ce. Excel yana ɗaukar duk abin da aka rubuta da alƙaluma a matsayin adadi na lissafi, kuma a lissafi sifilin gaba ba shi da amfani, sai ya jefar. Lambar Najeriya mai alƙaluma 11 da ta fara da 0803 sai ta koma mai 10 ta fara da 803. Wannan da sauƙi, domin babu abin da ya ɓata sai sifilin. Wadda ta fi muni ita ce lambar da aka rubuta da 234 a gaba. Alƙalumanta 13 ne, Excel kuma in adadi ya kai alƙaluma 12 yakan nuna shi a dunƙule kamar `2.34803E+12`. A cikin teburin cikakkiyar lambar tana nan ba ta taɓu ba. Amma CSV abin da ake gani a gidan yake adanawa, don haka da zarar an adana a haka, alƙaluman ƙarshe sun tafi, kuma babu dabarar da za ta dawo da su sai an koma ga teburin asali. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mutum ya ajiye teburinsa na asali gefe, ya yi aiki a kan kwafi.

Maganin da na yi amfani da shi layin tsaye ne sabo, da wannan dabara a gidansa na farko ƙarƙashin kan layi, a ja ta har ƙasa, in lambobin suna layin B:

```
="+234"&RIGHT(SUBSTITUTE(B2," ",""),10)
```

Tana cire tazarar da mutane ke sawa tsakanin alƙaluma, ta ɗauki goma na ƙarshe, ta liƙa +234 a gaba. Daɗinta shi ne ba ruwanta da ko sifilin yana nan ko ya faɗi ko an rubuta 234, domin goman ƙarshe ɗaya ne a duka. Kuma abin da take fitarwa rubutu ne ba adadi ba, Excel ba zai dunƙule shi ba. Na zaɓi +234 maimakon mayar da sifilin ne saboda lamba mai +234 tana kira a gida, tana kuma kira in mai wayar ya tsallaka iyaka ko ya tafi Umara.

Dabarar tana da makanta guda biyu, kuma dukansu na gan su a jerinmu. Wasu iyayen sun ba da lamba biyu, mai rubutu ya cusa su a gida ɗaya da `/` a tsakani. Dabarar ta ƙarshen kawai za ta ɗauka, ta farkon ta salwanta shiru. Wasu kuma alƙalami ɗaya ne ya faɗi wajen kwafa daga takarda, lambar ta zama goma har da sifilinta, sai sakamakon ya fito da `+2340` a gaba, wanda ba lambar kowa ba ce. Gane su ba wuya. A wani layin sai a sa `=LEN(SUBSTITUTE(B2," ",""))` a jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba. Duk abin da ba 10, 11, 13 ko 14 ba, a duba shi da ido. Sannan a duba sabon layin: lambar wayar hannu ta Najeriya bayan +234 da 7 ko 8 ko 9 take farawa. Muna da iyaye kaɗan masu layin Nijar, su ma nan suka fito fili, domin nasu alƙaluma 8 ne ba sifili a gaba, +227 ake sa musu, kuma da hannu na gyara su.

Sai kanun layuka. Google yana gane abin da ke cikin kowane layin tsaye ne ta sunan da ke samansa, kuma ba ya jin “Suna” ko “Lambar waya”. In bai gane kan layi ba, ba zai tsaya ya ce maka komai ba. Sau da yawa abin da ke layin sai ya tafi wurin `Notes`, ka ga mutum ya shiga da sunansa amma ba lambar da za a danna a kira. Wannan shirun shi ne babban aibin da nake gani a hanyar. Da a ce yana nuna samfurin mutum biyu ko uku kafin ya shigar, da an huta. Kanun da suka yi mini aiki su ne `First Name`, `Last Name` da `Phone 1 - Value`, lamba ta biyu kuma `Phone 2 - Value`. Tsofaffin bayanai da ke yawo suna cewa `Given Name` da `Family Name`, domin Google ya taɓa sauya sunayen. Hanyar da ba ta kuskure ita ce ka rubuta mutum ɗaya da hannu a Google Contacts, ka fitar da shi a `Google CSV`, ka kwafi kanun da ya zo da su.

A nan na yi wani abu da malaman suka fi yabawa fiye da duk sauran wahalar: na sa ISL a gaban kowane suna, sunan yaro kuma a bayan na mahaifi. Wayar da ke da Malam Sani bakwai, in aka ƙara mata takwas, babu mai gane kowa. Yanzu ana rubuta ISL a wurin bincike iyayen su jeru.

Wurin adanawa ne sunayenmu na Hausa ke shan wahala. A jerin `Save As` akwai CSV fiye da ɗaya. In aka zaɓi `CSV (Comma delimited)`, haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sukan koma alamar tambaya, Ɗanladi ya zama `?anladi`. Wanda ya dace shi ne `CSV UTF-8 (Comma delimited)`. Tsohon Excel da ba shi da wannan zaɓin, sai a ɗora teburin a Google Sheets a sauke shi a CSV daga can, shi da UTF-8 yake fitarwa. 'Yan uwa na Maradi da Damagaram masu kwamfutar da aka saita da Faransanci su lura da wani abu daban: Excel ɗinsu da `;` yake raba gidaje maimakon waƙafi, wanda hakan kan sa layi guda ya dunƙule ya zama abu ɗaya. Bayan an adana, a buɗe fayil ɗin da Notepad a duba layi biyar na farko. Kada a buɗe shi da Excel a sake adanawa, domin zai sake ɗaukar lambobin a matsayin adadi, ya cinye alamar +, gyaran duka ya rushe.

Sashen Google kansa ba shi da labari mai tsawo. `Import`, a zaɓi fayil, a jira kaɗan. Iyakarsa mutum 3,000 a shigarwa ɗaya, asusu ɗaya kuma 25,000, to mai dogon jeri sai ya yanka shi gida-gida. Abin da na fi so shi ne yana tara duk waɗanda suka shigo tare a ƙarƙashin lakabi guda mai farawa da `Imported on` da kwanan wata. Wannan lakabin shi ne igiyar aikin. In ka ga an yi kuskure, da shi za ka zaɓe su duka ka goge ka sake. Kuma wajen `Export`, lakabin za ka zaɓa, ba dukan lambobi ba, in ba haka ba ka miƙa wa mutane lambobin iyalinka da na surukanka tare da na makaranta. Akwai kuma `Undo changes` a saituna, mai mayar da asusu yadda yake har zuwa kwana 30 baya.

Da aka zaɓi vCard aka sauke, abin da ke ciki rubutu ne da ido ke iya karantawa. Kowane mutum kamar haka yake:

```
BEGIN:VCARD
VERSION:3.0
FN:ISL Ɗanladi
N:Ɗanladi;ISL;;;
TEL;TYPE=CELL:+2348000000000
END:VCARD
```

In ka bincika `TEL` a fayil ɗin ba ka same shi ba, kanun layuka ne ba su yi daidai ba, kada ka ɓata lokacin kai shi waya.

A iPhone an taɓa fayil ɗin ne kawai, ya nuna adadin mutanen, aka amince a ƙara su duka. A Android sai an shiga manhajar lambobi an nemi `Import`, kuma wurin da yake ya bambanta daga waya zuwa waya. Za ta tambayi inda za a ajiye. Katin SIM ba wurinsu ba ne, ba ya ɗaukar da yawa kuma yana datse dogon suna. Asusun Google na mai wayar ya fi, don ko wayar ta ɓace lambobin suna nan. A kuma shigar sau ɗaya tak. Waya mai nauyi takan yi kamar ba abin da ya faru, mutum ya sake dannawa, kowane suna ya zama biyu. `Merge & fix` yana haɗe tagwayen, amma sai ka bi shawarwarinsa da ido, domin uba da ɗa masu lamba ɗaya zai iya kawo su a matsayin mutum guda.

Wanda kuma wayarsa ce da kansa, kuma asusun da ya yi aikin da shi ne a kanta, ba ya bukatar vCard sam. Lambobin da kansu za su sauko in akwai data, ya ƙara shigar da fayil kuwa tagwaye ya sayo.

Akwai shafuka da ƙananan manhajoji masu cewa ka ɗora Excel su ba ka vCard nan take, kuma gaskiya sun rage zango ɗaya. Ban bi ta nan ba don lambobin ba nawa ba ne, amanar iyaye ce, ba zan miƙa ta ga shafin da ban san mai shi ba. Google ma miƙawa ce, ban musa ba, amma wayoyin Android da za a zuba lambobin can suke ajiye su tun farko. Ban da haka, waɗancan shafukan ba sa gyara sifilin da ya faɗi ko lambar da ta dunƙule, wannan aikin dai naka ne ko ta ina ka bi.

Shugaban makaranta ya so ya riƙa tura sanarwa ta WhatsApp da zarar lambobin sun shiga. Nan fayil ɗin ya gama nasa, domin jerin aika saƙo ga jama'a a WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai aikawa a wayarsa. Sai da aka rubuta lambar makarantar a allo, aka ce yara su kai gida iyayensu su ajiye.